An cire mini ITS 19.250, abokin aikina 9.990, alhali albashinmu ɗaya

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai kula da sito ne a wani kamfani a nan Maradi, ina zaune a Ali Ɗan Sofo. Jimlar albashina sefa 256.800 ne. A takardar albashin watan jiya an cire mini 13.482 na CNSS da 19.250 na ITS, na karɓi 224.068. Akwai wani layi da aka rubuta abattement 13%, ban san ko na mene ne ba. Abokin aikina albashinmu ɗaya, amma shi ITS ɗinsa 9.990 ne. Ina da mata ɗaya, ba ta aikin albashi, da yara huɗu ƙanana. Cutata ake yi ne, ko ni ne ban iya lissafin ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ɗauki alƙaluman da ka aiko na bi su da biro da takarda, kuma abin da na gani shi ne lissafin da aka yi maka bai karkace ba ta wajen tarawa da ɗebewa, amma an gina shi a kan adadin iyalin da ba naka ba. An ɗauke ka mai nauyin mutum uku, kai kuwa biyar gare ka. Wannan yana ci maka jika guda kowane wata. Na abokin aikinka kuma yana iya zama daidai ƙwarai, ba tare da an yi masa wata alfarma ba. Zan nuna maka yadda na kai ga wannan, domin ka iya maimaita shi da kanka duk watan da ka ga wani abu ya motsa a takardarka.

Aikina ke nan shekara da shekaru, haɗa albashin ma'aikata a ƙarshen wata, kuma kusan duk wanda ya shigo ofis da takardarsa a hannu ransa a ɓace, abu ɗaya yake yi: ya ɗauki jimlar albashi ya buga ta da kaso ɗaya a waya, ya ga bai yi daidai da abin da aka cire ba. Ba zai taɓa yin daidai ba, saboda ITS, wato harajin da ake cirewa daga albashi, wanda tsofaffin ma'aikata har yanzu suke kira IUTS, ba a ɗora shi a kan jimlar albashi. Ana fara rage albashin sau uku, a zubar da ƴan kai, sannan abin da ya saura a yanka shi mataki-mataki, kowane mataki da kasonsa. Jadawalin da zan yi aiki da shi shi ne wanda ke cikin kundin haraji na ƙasa da aka kafa da dokar 20 ga Yuni 2012, kuma alƙaluman takardarka sun zauna a kansa daram. Dokar kuɗi ta shekara tana iya taɓa kowane adadi a ciki, don haka hanyar ita ce abin riƙewa, adadin kuwa a riƙa tabbatar da na shekarar da ake ciki.

Ragi uku kafin a zo ga haraji

Na farko shi ne kuɗin fansho da ake cire maka dole. Ma'aikacin kamfani yana zuba wa CNSS kashi 5,25 cikin ɗari na albashinsa. Idan ka buga 256.800 da 5,25% za ka samu 13.482 cif, daidai da abin da ke takardarka, to wannan layin babu magana a kansa. Tunda kuɗin nan ba su shigo hannunka ba, doka ba ta sa musu haraji, sai a ɗebe su tukuna. Saura 243.318.

Na biyu shi ne layin da ka ce ba ka gane ba. Ragi ne na ɗawainiyar aiki: doka tana ɗauka cewa duk mai aikin albashi yana kashe wani abu don ya iya yin aikin, man babur, sutura da makamantansu, sai ta yafe wani kaso ba tare da an nemi rasit ba. Mutane da yawa suna ganin layin nan su zaci kuɗi ne aka ɗauke musu. Ba a ɗauke maka ko dala ba, ragi ne a kan abin da za a sa wa haraji kawai, shi ya sa ba ya cikin abin da aka ɗebe kafin a ba ka 224.068. Takardarka ta nuna kashi 13, da shi zan yi aiki. Abin lura shi ne ana ɗaukar kason daga abin da ya saura bayan CNSS, wato daga 243.318. Ya kama 31.631 da ɗan ɗigo, saura 211.686 da ɗan ɗigo. Riƙe wannan adadi da kyau, don kai da abokin aikinka har zuwa nan tafiyarku ɗaya ce, daga nan ne hanya ta rabu.

Na uku shi ne ragin nauyin iyali, kuma a nan matsalarka take. Wanda ba shi da kowa a wuyansa ba a rage masa komai. Mai mutum ɗaya kashi 5, mai biyu kashi 10, daga nan sai tafiyar ta yi sanyi: mai uku kashi 12, mai huɗu 13, mai biyar 14, mai shida 15. Mai bakwai kuwa, wanda shi ne iyaka, sai a yi tsalle zuwa kashi 30. Kai da matar da ba ta da albashi da yara huɗu ƙanana, nauyinka biyar ne, ragin kashi 14 ke nan. Kashi 14 na 211.686 ya kama 29.636, saura 182.050 da ɗan ɗigo.

Yanzu sai a zubar da ƴan kai. Ana mayar da adadin zuwa cikakkiyar jikar da ke ƙasa da shi, ba ta kusa ba, ta ƙasa. Ko 182.050 ne ko 182.990 ne, duka 182.000 za su koma. Wannan shi ne tushen harajinka na gaskiya, kuma ka ga ya yi nisa da 256.800 da ka fara da shi.

Yadda ake yanka shi mataki-mataki

Ka ɗauka kana da kwanuka jere, kana zuba gero. Sai na farko ya cika kake wucewa na biyu, kuma kowane kwano da abin da ake ɗiba daga cikinsa shi kaɗai. Haka matakan ITS suke. Jika 25 na farko ana ɗaukar kashi 1, sefa 250 ke nan. Jika 25 na biyu, daga 25.000 zuwa 50.000, kashi 2, sefa 500. Daga 50.000 zuwa 100.000 kashi 6, wato 3.000. Daga 100.000 zuwa 150.000 kashi 13, wato 6.500. Idan ka tara waɗannan huɗu za ka samu 10.250. Wannan adadi ba ya canzawa ga kowa: duk wanda tushen harajinsa ya kai 150.000, harajin jika 150 ɗinsa na farko 10.250 ne, ko shi darakta ne ko mai gadi. Ni na haddace shi tun tuni, kai ma ka rubuta shi a bayan takardarka.

Mataki na biyar ya tashi daga 150.000 zuwa 300.000, kasonsa 25 cikin ɗari. Kai ka shiga cikinsa, amma da jika 32 kawai, wato 182.000 a cire 150.000. Kashi 25 na 32.000 shi ne 8.000. Tara da 10.250, ya zama 18.250. Wannan shi ne ITS ɗin da ya kamata a cire maka, kuma abin da ya kamata ya shigo hannunka 225.068 ne. Akwai matakai a sama, kashi 30 har zuwa 400.000, sai 32, sai 34, sai 35 ga abin da ya haura miliyan ɗaya, amma ba su shafe ka ba yanzu.

Ka lura da wani abu a nan, don yana hana mutane barci a banza. Ko da yake ka taɓa matakin kashi 25, abin da kake biya gaba ɗaya bai wuce kashi 7 da ɗan kai na jimlar albashinka ba. Na sha ganin ma'aikaci yana jin tsoron ƙarin albashi wai kada ya shiga babban mataki a cinye masa ƙarin har da na da. Hakan ba ya faruwa. Da za a ƙara maka 10.000 gobe, da nauyinka biyar, CNSS zai ƙaru da 525, ITS ya tashi daga 18.250 zuwa 20.000, ka tsira da 7.725 daga cikin jika goman.

Bin lissafin ta baya

Yadda na san nauyi uku aka sa maka, alhali ban ga fayil ɗinka ba, shi ne abin da na fi so ka koya, domin da shi ake gane inda kuskure ya shiga maimakon a tsaya ana cewa kawai bai yi daidai ba. Ana fara daga harajin da aka cire a koma baya. An cire maka 19.250. Tunda ya haura 10.250, ka san tushen ya wuce 150.000. Cire 10.250, saura 9.000. Wannan 9.000 kashi 25 ne na wani adadi, wato rubu'insa, to ka ninka shi sau huɗu: 36.000. Ɗora a kan 150.000, ka samu 186.000. Ashe wanda ya haɗa albashinka a kan 186.000 ya sa haraji, ba a kan 182.000 ba.

Sai tambaya ta gaba: ta yaya aka sauko daga 211.686 zuwa 186.000? Tazarar da ke tsakaninsu 25.686 ce, kuma idan ka raba ta da 211.686 za ka ga kashi 12 ne da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wanda zubar da ƴan kai ya kawo. Kashi 12 kuwa ragin mai nauyi uku ne. Don ka tabbatar, sai ka sake bi ta gaba: cire kashi 12 daga 211.686, saura 186.284, a zubar da ƴan kai ya koma 186.000, haraji 19.250. Ya faɗa daidai kan adadin takardarka har sefa ɗaya. Da nauyi huɗu aka sa maka, da 18.750 ka gani. Da ba a sa maka kowa ba, da 25.500 ne. Babu wani adadin iyali da ke ba da 19.250 sai uku.

Abin da na fi zato, daga abin da na saba gani, shi ne lokacin da aka ɗauke ka aiki kana da mata da yara biyu, aka rubuta uku, kuma biyun da aka haifa daga baya takardunsu ba su isa teburin mai haɗa albashi ba. Ma'aikata da yawa suna kai takardar haihuwa CNSS saboda kuɗin yara, su ɗauka shi ke nan kowa ya sani. Fayil ɗin CNSS daban, fayil ɗin ma'aikata na kamfani daban. Mai haɗa albashi yana iya zuwa sunan ɗanka ya ci tuwo ya yi barka, amma ba zai canza lambar da ke cikin kwamfuta ba sai da takarda a hannunsa, domin ranar da masu binciken haraji suka zo takardar za su tambaya. Duba saman takardar albashinka, kusa da suna da lambar CNSS, sau da yawa akwai ɗan gurbi da aka rubuta charges ko nombre de charges. Ina kyautata zaton 3 za ka gani a wurin.

Yanzu gwada wannan hanya a kan abokin aikinka. Nasa 9.990 ne, bai kai 10.250 ba, to tushensa bai kai 150.000 ba, yana cikin matakin kashi 13. Harajin jika ɗari na farko 3.750 ne, wato 250 da 500 da 3.000. Cire shi daga 9.990, saura 6.240. Raba da 13 ka ninka da ɗari, ka samu 48.000. Tushensa 148.000 ke nan. Idan kuwa ka cire kashi 30 daga 211.686 za ka samu 148.180, wanda ke komawa 148.000. Abokin aikinka mai nauyi bakwai ne, kuma idan da gaske yana da su da takardunsu, ba a yi masa ragin da bai cancanta ba.

A nan zan faɗi ra'ayina, don abin yana damuna. Tsallen nan daga kashi 15 zuwa 30 ya yi girma ƙwarai. A albashi irin naku, mai nauyi biyar yana biyan 18.250, mai shida 17.500, mai bakwai 9.990. Daga biyar zuwa shida bambancin 750 ne, daga shida zuwa bakwai 7.510. Shi ne ke haddasa mafi yawan ƙorafin da nake ji tsakanin abokan aiki, kowa yana ganin an fifita wani, alhali haka jadawalin yake. Kuma shi ne dalilin da ya sa duk mai haɗa albashi mai hankali yake bincikar takardun mai nauyi bakwai fiye da na kowa, don idan yaro ɗaya ya girma ya fita daga lissafi ba a cire shi ba, kamfani ne zai amsa tambaya.

Kowane kuskure da irin sawunsa

Idan mutum ya daɗe yana wannan aiki, yakan gane irin kuskuren daga ganin adadin kawai, kamar yadda makiyayi ke gane dabba daga sawunta. Mafi sauƙi shi ne na ƴan kai. Tunda tushe cikakkiyar jika ne koyaushe, a matakin kashi 25 haraji yana tafiya ne da 250, 250. Dole ya ƙare da 000, ko 250, ko 500, ko 750. Da takardarka ta nuna 19.321, da nan take na ce maka ba a zubar da ƴan kai ba, an sa haraji a kan 186.284 yadda yake. A matakin kashi 13 kuwa tafiyar 130, 130 ce. Wannan dubawa ba ta ɗaukar minti ɗaya, kuma ita nake fara yi kafin in taɓa kalkuleta.

Akwai kuma wanda ya taɓa faruwa da ni, kuma ban manta da shi ba. Na karɓi aiki a wani wuri inda ake haɗa albashi da Excel, na gaji jadawalin daga wanda ya riga ni. Wata biyu ina aiki da shi ban ga komai ba, sai wani direba ya zo da ƴar takarda da ɗansa ɗan makaranta ya lissafa masa, ya ce an ƙara masa 250. Na zauna na bi gidajen jadawalin ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar an rubuta umarnin da ke kai adadi zuwa jikar da ta fi kusa, maimakon wadda ke ƙasa. Ga su nan biyun, na sama shi ne kuskuren, na ƙasa shi ne daidai:

```
=ARRONDI(A1;-3)
=ARRONDI.INF(A1;-3)
```

Abin da ya sa ya daɗe ba a gano shi ba shi ne ba ya taɓa kowa da kowa. Wanda ƴan kansa ba su kai 500 ba, umarnin biyu amsa ɗaya suke ba shi. Kai, da 182.050 ɗinka, ba za ka taɓa jin sa ba. Amma mai nauyi shida a albashinku, wanda tushensa 179.933 ne, na sama zai kai shi 180.000 maimakon 179.000, a ci shi 250 kowane wata. Na gyara, na koma na lissafa wa duk wanda abin ya shafa, kuma tun daga ranar ban sake amincewa da jadawalin da ban bi shi da hannu ba aƙalla a kan mutum uku masu nauyi daban-daban.

Kuskuren da ku masu dubawa kuka fi yi shi ne tara kason duka a cire su lokaci ɗaya. Mutum ya ce 5,25 da 13 da 14 sun zama 32,25, ya ɗebe su daga 256.800, ya samu 173.982, harajinsa ya fito 16.000, ya taho ofis yana neman 2.250 da ba nasa ba. Kowane ragi daga abin da na gabansa ya bari ake ɗaukarsa, shi ya sa ba a tara su. Idan kuma aka manta cire CNSS kafin a fara, a naka lissafin 20.750 zai fito. Idan aka ɗora ragin iyali a kan harajin kansa maimakon a kan tushe, wato aka lissafa 25.500 sannan aka rage kashi 14, za ka ga 21.930. Wannan na ƙarshe yakan zo ne da manhajar albashi da aka tsara don wata ƙasa, domin a Burkina Faso, misali, ragin iyali a kan harajin ake yin sa. Idan kamfani ya sayo manhaja ba a daidaita ta da dokar Nijar ba, duk mai iyali a gidan zai biya fiye da kima, kuma ba wanda zai lura tunda dukansu abin ya shafa.

Abu ɗaya game da CNSS ga masu babban albashi, ko da bai shafe ka ba: kason 5,25 yana tsayawa a kan albashin 500.000 a wata, wato abin da ake cirewa ba ya wuce 26.250. Duk wanda ya ga fiye da haka a takardarsa, ya tambaya.

Abin da za ka yi, da inda maganata ta tsaya

Ka haɗa kwafin takardar aure da takardun haihuwar yaran huɗu duka, har da biyun farko, ka kai wa mai kula da ma'aikata tare da ƴar gajeriyar wasiƙa mai kwanan wata, ka riƙe kwafi ɗaya da aka buga masa hatimin karɓa. Ka tafi da lissafinka a rubuce layi-layi: 256.800, sai 243.318, sai 211.686, sai 182.050, sai 182.000, sai 18.250. Idan ka shiga da wannan, maganar minti biyar ce, domin za ku aza takardu biyu gefe da gefe ku ga layin da suka rabu. Idan ka shiga da cewa ana cutarka, mutumin zai fara kare kansa ne kafin ya duba komai, kuma a gaskiya kuɗin ba aljihunsa suka shiga ba. Abin da kamfani ya cire na ITS yana zuba shi ne ga hukumar haraji, DGI, a watan da ke biye.

Wannan ne ma ya sa gyaran gaba ya fi na baya sauƙi. Daga watan da takardunka suka shiga, lambar za ta koma 5, jikarka ta dawo. Na watannin da suka wuce kuwa, kuɗin sun riga sun tafi baitulmali, kuma abin da zai yanke magana shi ne ko ka taɓa kai takardun. Idan ka kai, kana da shaidar ranar da aka karɓa, aka yi sakaci ba a shigar ba, kana da hujja mai ƙarfi ta neman kamfani ya gyara ya daidaita da hukumar haraji. Idan ba ka taɓa kaiwa ba, kada ka sa rai da yawa, amma ka tambaya a ofishin haraji na jihar Maradi, su ne masu ikon cewa e ko a'a. Jika guda a wata jika goma sha biyu ce a shekara, ta isa a yi mata tattaki.

Duk lissafin nan na yi shi ne a kan cewa 256.800 ɗinka gaba ɗaya kuɗin da haraji ke hawa ne. Ban ga layukan da suka haɗu suka ba da wannan jimla ba. Albashin tushe, ladan daɗewa a aiki, kuɗin ƙarin awoyi, duk suna shiga. Kuɗin yara na CNSS ba sa shiga, haka ma kuɗin da aka mayar maka na abin da ka kashe a tafiyar aiki. Wanda kamfani ya ba gida ko mota kuma, ana ƙiyasta musu kuɗi a ƙara a kan tushe, sai ka ga harajinsa ya fi abin da albashin hannunsa ke nunawa. A naka, tunda bin baya ya faɗa daidai kan kashi 12 ba saura ba ƙari, hankalina ya kwanta cewa babu irin waɗannan a ciki. Amma ranar da ka bi ta baya ka samu kason da babu shi a jadawalin iyali, kamar 8 ko 20, to matsalar ba ta iyali ba ce, ka koma saman takarda ka duba wane layi aka sa ko aka bari.

Haka kuma maganar wa ake ƙirgawa a nauyi tana da nata sharuɗɗa. Yara ƙanana naka na cikinka babu gardama. Wanda ya girma amma yana karatu, ana neman takardar shaidar makaranta kowace shekara, kuma akwai shekarun da idan ya wuce su ya fita. Ɗan ƙanenka ko marayan da kake riƙo, ciyar da shi kaɗai ba ta sa a ƙirga shi, sai da takardar hukuma da ta ɗora maka riƙonsa. Inda mata ita ma take karɓar albashi, ko gida mai mata fiye da ɗaya, ba abin da zan yanke daga nesa ba ne, gara a kai takardun gidan ofishin haraji a samu amsa a kan wannan gida. Kai naka a fili yake, mata ɗaya marar albashi da ƙananan yara huɗu. Idan takardar wata mai zuwa ta fito, ka fara duba gurbin nauyi ka ga ko ya koma 5, sannan ka duba layin ITS: muddin albashin bai motsa ba, 18.250 za ka gani, a ƙasa kuma 225.068.